Rahoton manhaja ya ce santimita 2, amma taswirar ta goce a ƙasa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na tashi jirgi mara matuƙi a kan wata gona mai hekta 40 a wajen Kura, za a yi mata hanyoyin ban ruwa. Na shimfiɗa alamomi biyar a gefe-gefen gonar, aka auna mini su da RTK, wato na'urar GPS mai awo har santimita, na haɗa hotunan a manhajar WebODM. Rahoton ya ce kuskuren bai wuce santimita 2 ba. Amma da na ɗora taswirar a kan tsohon awon safiyo, sai ta goce da kusan mita 140, kuma mai aikin ruwa ya ce tsakiyar gonar bai kai tudun da na nuna ba. Ina matsalar take?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsaloli biyu ne a hannunka, kuma ba uwarsu ɗaya ba. Ta mita 140 ɗin tana da ban tsoro a ido, amma ita ce mai sauƙin magani. Ta tudun tsakiyar gona ita ce mai haɗari, domin ba a ganinta a hoton, sai an haƙa magudana an saki ruwa ya ƙi tafiya. Kafin mu taɓa su, bari mu warware maganar santimita 2 ɗin nan, don ita ce ta sa hankalinka ya kwanta tun farko.

Manhajar haɗa hotuna tana neman wurare masu kama da juna a cikin hotunan da suka hau kan juna: kusurwar dutse, gindin kara, tsagewar ƙasa. Daga dubban irin waɗannan ɗigogi take lissafa inda kyamara take a sama lokacin da aka ɗauki kowane hoto, da inda ta fuskanta, har ma da yadda gilashin kyamarar ke lanƙwasa hoto. Abin da ke fita daga nan siffar gonar ce, amma tana lilo a iska, ba a ɗaure ta da ƙasa sosai ba, saboda GPS ɗin da ke jikin ƙaramin jirgi yana iya kauce wa gaskiya da 'yan mitoci, a tsayi ma abin ya fi muni. Da ka ba manhajar alamominka biyar, sai ta jawo siffar ta ɗaure ta a kansu, kamar yadda majemi ke kafe fata da turaku. Bayan ta gama ɗaurewa sai ta auna tazarar da ta rage tsakanin fatar da turakun, ta ce maka santimita 2. To ai dole su yi kusa, tunda can aka ɗaure ta. Lambar ba ƙarya ba ce, amma abin da take faɗa kawai shi ne taswirar ta yarda da alamomin da aka tilasta mata yarda da su. Ba ta ce komai ba game da wurin da ke nesa da turke.

Shi ya sa a wannan aiki alamomi kala biyu ne, ko da yake a ƙasa kamanninsu ɗaya. Akwai alamar ɗauri, wadda manhajoji ke rubutawa GCP, ita ake bai wa manhaja. Akwai kuma alamar shaida, Check Point a allon manhaja, wadda ake aunawa da na'ura ɗaya a rana ɗaya, amma a ɓoye wa manhajar lambobinta. Idan taswira ta fito, sai a je a ga inda ta ajiye alamar shaidar, a kwatanta da inda take a zahiri. Wannan bambancin shi ne ingancin taswirarka. Kai biyar gare ka kuma duk ka ɗaura da su, saboda haka har yanzu ba a gwada taswirar ba ko sau ɗaya.

Yanzu ga ta mita 140. Ina da ƙarfin zato cewa ba jirginka ba ne, ba kuma manhaja ba. Tsofaffin takardun awo a Najeriya, da yawan na yanzu ma, an yi su ne a kan ma'aunin Minna, shi kuwa GPS yana aiki da WGS84. Wuri ɗaya a doron ƙasa yana da lambobi daban a tsarin biyu, kuma a yankin Kano, a lambobin UTM, wato tsarin da ke ba da wuri a mita ta gabas da ta arewa, bambancin ya kai kimanin mita 140: kusan 80 ta gabas da yamma, kusan 120 ta kudu da arewa. Duka biyun suna iya zuwa da sunan UTM shiyya ta 32, lambobin kuma su yi kama da juna, shi ya sa mutane ke faɗawa. Shaidar wannan cuta ita ce duk kusurwoyin gonar za su goce da tazara ɗaya, su nufi gefe ɗaya, siffar gonar kuma ba ta canza ba. Auna gocewar a turakun siminti huɗu na safiyo. Idan ka samu mita 139, 140, 139, 140 duk gefe guda, magana ta ƙare. A manhajar taswira ta QGIS ka sanya wa awon safiyo lambar tsarin awo EPSG:26332, wato Minna a shiyya ta 32, taswirarka kuma ta zauna a EPSG:32632. Za su matso kusa da juna, amma kada ka yi mamaki idan mita ɗaya ko 'yan mitoci suka rage, domin lissafin juyawar da manhaja ke amfani da shi na ƙasa baki ɗaya ne. Idan ana son su hau kan juna daidai, sai a ɗora RTK a kan turakun safiyon kansu a auna su, a yi juyawar da ta dace da wurin. Ka kuma duba takardar da kyau, don wasu an yi su ne da tsarin bel-bel na Najeriya ba UTM ba, amma wannan lambobinsa sun bambanta da nisa, ba za ka rikita su ba. Shiyyar ma a kula: Kano, Katsina, Zariya da Bauchi suna ta 32, Sakkwato tana ta 31, Maiduguri ta 33.

Tambaya ɗaya za ka yi wa wanda ya auna maka: a ina ya kafa na'urar da ke tsaye? RTK na'ura biyu ce, ɗaya a kafe, ɗaya ana yawo da ita, kuma santimitocin da take alfahari da su tsakanin su biyun ne. Idan ya kafa ta a ko'ina ya bar ta ta ƙiyasta wurinta da kanta, duk alamominka za su yi daidai da junansu, amma dukkansu tare za su iya kaucewa da mita ɗaya ko biyu. Ga aikin ban ruwa a cikin gona ɗaya wannan ba ya cutarwa, matuƙar kowa zai ci gaba da aiki daga turke ɗaya. Saboda haka a kafa turken da siminti da rodi, a rubuta lambobinsa a ajiye.

Mu zo ga tudun. A nan zan daɗe, don shi ne ya taɓa cin mini mako guda.

Na ce manhaja tana ƙiyasta lanƙwasar gilashin kyamara daga hotunan kansu. Idan duk hotunan an ɗauke su kyamara na kallon ƙasa tsaye, a tsayi ɗaya, a layuka masu bin juna, a kan fili shimfiɗaɗɗe, to manhajar ba ta da hanyar bambance abu biyu: gilashi ne ya ɗan lanƙwasa hoton, ko ƙasar ce ta lanƙwashe? Duka biyun suna ba da hotuna kusan iri ɗaya. Idan ta yi ɗan kuskure a ƙiyasin gilashin, sai ta zuba ragowar a kan ƙasa, fili ya fito kamar ƙwarya a kife, ko akushi a buɗe. Alamomin gefe suna riƙe bakin ƙwaryar, shi ya sa rahoto ke yin kyau, tsakiya kuwa babu mai riƙe ta.

Ga yadda na gan shi a wata gona mai girman taka, mita 800 a tsawo, 500 a faɗi. Na tashi da jirgin Phantom 4 Pro a mita 100. Abu na farko da ake lissafawa shi ne girman ƙasar da ɗigo ɗaya na hoto ke ɗauka, wanda manhajoji ke rubutawa GSD:

```
GSD = (13.2 × 100 × 100) / (8.8 × 5472) = 2.74 cm
```

13.2 faɗin farantin kyamarar ne a milimita, 100 na farko tsayin tashi a mita, na biyu don a mai da amsar santimita, 8.8 tsawon gilashin a milimita, 5472 kuma yawan ɗigogin faɗin hoto. Wato kowane ɗigo santimita 2.74 ne a ƙasa, hoto ɗaya kuma yana rufe mita 150 da mita 100. Na sa kowane hoto ya hau na gabansa da kashi 80 cikin ɗari, layi ya hau layi da kashi 70, sai ya zama ana ɗaukar hoto duk mita 20, tsakanin layuka mita 45. Layi goma sha biyu, hotuna ɗari biyar da 'yan kai, batir biyu. Lambar 2.74 ɗin tana da amfani don ita ke gaya maka abin da za ka sa rai. Aiki mai kyau yakan ba da kuskuren kwance ninki ɗaya zuwa biyu na ɗigon, na tsayi kuma ninki biyu zuwa uku. A nan ke nan santimita 3 zuwa 6 a kwance, 6 zuwa 8 a tsayi. Duk wanda ya tashi a mita 100 da wannan kyamara ya ce maka taswirarsa daidai take har santimita ɗaya a ko'ina, ka nemi ya nuna maka alamomin shaidarsa.

Na shimfiɗa alamomi goma sha biyu. Shida na ɗaura da su, duk a kan iyaka saboda nan ne babur ke iya zuwa, shida na bari shaida, uku kusa da gefe, uku a ciki. Rahoto ya fito tas, ƙasa da santimita 2. Da na karanta tsayin alamomin shaidar a taswira na cire wanda aka auna a ƙasa, ga abin da na samu a santimita: na kusa da gefe +4, +9, +6, na ciki +31, +38, +27.

Dubi lambobin nan kafin a yi musu wani lissafi. Dukkansu sun nufi sama, kuma suna girma yayin da ake nisa da iyaka. Kuskuren da ya zo daga rawar hannu ko hayaniyar na'ura yakan warwatsu, wani sama wani ƙasa. Idan ka ga sun jeru gefe ɗaya, akwai dalili guda a bayansu. In duk girmansu ɗaya ne, matsalar ma'auni ce, ko an manta tsawon sandar na'ura, ko an cakuɗa tsayin da GPS ke bayarwa da tsayi daga teku, waɗanda a yankinmu suka bambanta da wajen mita ashirin. In kuma suna girma zuwa tsakiya, ƙwarya ce a kife.

Lissafin da ake rubutawa a rahoto shi ne RMSE. Kowane kuskure a ninka shi da kansa, a tara, a raba da yawansu, a ɗauki saiwar abin da ya fito:

```
RMSE = √((16 + 81 + 36 + 961 + 1444 + 729) / 6) = 23.3 cm
```

Santimita 23 a inda rahoto ya ce 2. Ga mai son ganin iyakar gona kawai, wannan ba komai ba ne, hoton ma kyakkyawa ne. Amma ɗauki magudanar da aka tsara ta gangara santimita 10 a kowace mita 100. Daga iyaka zuwa tsakiyar gonar mita 250 ne, gangaren da ake nema duka-duka santimita 25. Tudun ƙarya na santimita 38 ya fi shi. Da an yi aiki da taswirar, da an sa katafila ta kankare tudun da babu shi, a mai da tsakiyar gona tafki. Mai aikin ruwanka da ya ce bai yarda ba, ka riƙe shi da kyau, idonsa ya yi maka aikin alamar shaida.

Gyaran da na yi abu biyu ne. Na farko, ɗauri a tsakiya. Ban mai da alamomin shaidar cikin gonar na ɗauri ba, ko da yake shi ne mafi sauƙi, domin da na yi haka da na rasa masu shaida a daidai inda ake tuhuma. Sai na duba hotunan na nemi abin da ke fitowa sarai kuma ba ya motsi, na samu kusurwar daɓen wata rijiya da bakin wani kwalbati, na koma na auna su. Na biyu, na sake tashi batir ɗaya, layukan suka gitta na farko, kyamara kuma a karkace da digiri 20 daga tsaye. Hotunan karkace su ne ke raba wa manhaja gardamar gilashi da ƙasa, domin idan aka kalli wuri ɗaya ta fuskoki daban, ƙiyasin gilashi mara kyau ba ya iya gamsar da su duka. Bayan an sake haɗawa, alamomin shaida shidan nan suka ba da +3, −5, +4, −6, +2, −4. Sun warwatsu sama da ƙasa, RMSE ya sauko santimita 4.2. A kwance na samu 2.7 ta gabas, 3.0 ta arewa, idan aka haɗa su kimanin santimita 4.

Ga gonarka, shawarata ka sake tashi. Batir uku da yini ɗaya sun fi arha a kan gyaran magudana. Ka yi alamomi goma sha huɗu ko sha biyar: takwas na ɗauri, wato huɗu kusa da kusurwoyi, biyu a tsakiyar dogayen gefuna, biyu a cikin gona, sauran kuma shaida, ka jefa su a wuraren da suka fi nisa da kowace alamar ɗauri, da wuri mafi tudu da mafi kwari. Kada ka sa alama a ƙarshen inda jirgi ya kai, don can hoto biyu ko uku ne kawai ke ganinta. Ka sa jirgin ya zarce iyakar gona da layi ɗaya ko biyu. Shaida shida ko bakwai sun isa su tona babbar matsala, amma ba su isa a kafa hujjar ƙididdiga ba. Ƙa'idar ƙungiyar ASPRS ta Amurka da aka sabunta a 2023 tana neman aƙalla talatin. Saboda haka a rahotonka ka faɗi yawan da ka yi amfani da su, ka jera kuskuren kowace ɗaya, har da mafi muni.

Ita kanta alamar, faɗin santimita 60 ya isa a wannan tsayi, wato ɗigo ashirin da ɗoriya. A raba ta gida huɗu, baƙi da fari a gicciye, yadda tsakiyar za ta zama mahaɗar layi biyu. Ni da shimfiɗar leda mai kauri nake yi, ina fentin ta da fenti mara sheƙi, domin a ranarmu fari mai ƙyalli yana cinye baƙin da ke gefensa a hoto, sai tsakiyar ta ɓace. A kafe kusurwa huɗu da dogayen ƙusoshi, a rubuta lamba babba a gefe, a sa ta a ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ba kan kunya ba, ba ƙarƙashin darbejiya ba. A auna tsakiyar sai na'ura ta nuna Fixed, ba Float ba, kumfar sanda kuma tana tsakiya. Abin da ya fi ɓata mini aiki ba na'ura ba ne, motsin alama ne tsakanin awo da tashi: iska ta ɗaga gefe, akuya ta ja, yaro ya ɗauka ya duba ya mayar da kyakkyawar niyya, taku ɗaya daga inda take. Shi ya sa nake fara gaida mai unguwa in yi masa bayani, in nemi samari biyu su tsaya, in kuma sake auna alama biyu ko uku bayan jirgi ya sauka. Izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da na jami'an tsaro kuwa a gama da shi tun kafin ranar.

Wajen nuna wa manhaja alamar a hotuna ma ana yin ɓarna. A WebODM fayil ɗin gcp_list.txt haka yake, layin farko tsarin awo, sauran kuma gabas, arewa, tsayi, sai wurin alamar a hoto, sunan hoton da sunan alamar:

```
EPSG:32632
436812.41 1301355.08 471.62 2731 1580 DJI_0142.JPG A1
436812.41 1301355.08 471.62 2698 2310 DJI_0143.JPG A1
```

Kowace alama a nuna ta a hoto biyar ko fiye, daga layuka daban-daban, a zuƙo hoton sosai kafin a danna. Kaucewar ɗigo uku santimita 8 ce a ƙasa. Idan alama ɗaya ta fito da kuskuren da ya ninka na sauran sau biyar, kada ka goge ta don rahoto ya yi kyau. Duba ko an musanya lambarta da ta maƙwabciyarta, ko an juya gabas da arewa, ko ta motsa. In ka gano dalili ka cire ta ka rubuta dalilin. In ba ka gano ba, wataƙila ita ce mai gaskiya.

Alamomin shaida kada su shiga wannan fayil. Idan aiki ya gama, buɗe hoton gonar odm_orthophoto.tif da fayil ɗin tsayi dsm.tif a QGIS, ɗora lambobin shaidar a kai, auna tazarar kowane ɗigo da tsakiyar alamarsa a hoton, ka karanta tsayin daga dsm.tif. A manhajar Metashape cire alamar zaɓi daga gaban maki a Reference yana mai da shi shaida, a Pix4D kuma ana canza nau'insa zuwa Check Point.

Abu na ƙarshe da ya shafi aikin ruwa: kyamara saman abin da ta gani take aunawa. Alamar shaida tana kan ƙasa tsirara, don haka sakamakonta na ƙasa tsirara ne kawai. Inda masara ko shinkafa ta rufe, tsayin ganye za ka samu, kan ruwa kuma manhaja ba ta samun abin kamawa, sai ta cika wurin da ƙiyasi. Ka jira a girbe a kwashe kara, ka zaɓi ranar da hazo bai yi kauri ba, ka tashi tsakanin ƙarfe goma na safe da biyu na rana lokacin da inuwa ta gajarta. Sannan ka ba mai RTK ƙarin awa ɗaya ya bi layin da babbar magudana za ta bi, yana auna ƙasa duk mita 25, ka kwatanta da dsm.tif kafin ka miƙa wa mai aikin ruwa.